Sati Biyun da Paulina Ta Roƙa

Paulina Bature duba-gari ce, ko in ce mataimakiyar duba-gari, don haka aka rubuta a takardar ɗaukarta aiki, haka kuma ta zauna shekara goma sha ɗaya ba a canja mata ba. 'Yar wani manomin citta ce daga wajen Kwoi. Ta zo Kafanchan tana budurwa, ta auri Anthony, mai gyaran taragu a reluwe, suka haifi yara huɗu a ɗaki biyu. Ni sunana Hellen. Ofishinmu ɗaya da ita a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, cocinmu ɗaya, kuma a Zumuntar Mata benci ɗaya muke zama.

Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta cika magana ba. Abin da aka fi saninta da shi hanci ne. Tana shiga layin mahauta za ta tsaya a gaban tebur ɗaya ta ce, "Wannan na shekaranjiya ne," kuma in an matsa wa mahaucin sai ya amsa. Masu tuwo-tuwo na tasha kan rufe tukwanensu da sauri in sun hango kakinta. Amma ba a tsane ta ba, don kowa ya san ba ta karɓar ko ƙashin miya. Abin da ya tsayar da ita wuri ɗaya rashin satifiket ne. Yara ƙanana sukan fito daga makaranta da takarda, ita za ta koya musu yadda ake leƙa masai, bayan shekara biyu su zama ogoginta.

Shi ya sa a 1990, da wata makaranta ta buɗe kwas na ranar Asabar domin ma'aikata irinmu, muka shiga tare. A azuzuwan wata sakandare da aka ara ake yin karatun. Mu talatin da 'yan kai ne, duk masu iyali, duk da aikin gwamnati a wuyanmu.

Darasin ruwa da tsabtar muhalli Mista Kumai ne yake koyar da shi. Dogo ne, kullum da farin hankici a hannu, yana da kemis a cikin gari da gidajen haya biyu. Ya iya Turanci, ya kuma iya zanen rijiya a allo har da inuwarta. A Asabar ta farko ta watan Yuli 1991 ya rubuta mana aikin gida. Kowa an ba shi unguwa da fom ɗin da zai cika. Za ka bi rijiyoyi talatin, ka auna nisan kowace daga masai mafi kusa, ka duba ko tana da murfi da dakali da gugarta ta kanta, ka rubuta sunan mai gidan, sannan ka yi bayanin abin da ka gano. Sati uku. Maki arba'in ne cikin ɗari, sauran sittin na jarrabawa. Wanda bai kawo ba ba za a fitar masa da sakamako ba, sai ya maimaita darasin baɗi. Mai neman ƙarin lokaci kuwa ya rubuta wa shugaban kwas ta hannun malamin darasi, kwana uku kafin ranar, ya haɗa da shaida.

Paulina ta ji daɗin aikin, don abin da take yi ne kullum. Kafin Laraba ta yi rijiya shida bayan tashi daga ofis.

Ran Alhamis Malam Arzika, shugaban sashenmu, ya tara mu a tsaye. Cutar amai da gudawa ta ɓarke a wani ƙauye bayan kogi, tafiyar awa guda a babur in hanya ta yi kyau, kuma damina ce, hanyar ba ta yi kyau ba. Mutum bakwai sun riga sun mutu. Yana son mutum uku su bi nas biyu su zauna can. Ya dubi Paulina ya ce, "Maman Luke, ke ce ta farko." Ta je gida ta ɗauko jaka. Ni an bar ni a gari ina rarraba maganin rijiya.

Sau ɗaya na kai musu kaya, kuma har yau in na tuna sai yawu ya taru a bakina. A firamaren ƙauyen aka kwantar da marasa lafiya. An huda gadajen kara an ajiye bokiti a ƙarƙashi, ruwan da ke fita daga jikin mutum fari kamar na wankin shinkafa, da wani ƙarni kamar na kifi. An rataye ledojin ƙarin ruwa a ƙusoshin allo. Ƙudaje sun rufe tagogi. Paulina ce mai kwashe bokitan ta zuba musu magani ta binne, ita ce mai dama ruwan gishiri da suga, ita ce mai tsayawa a kan gawa ta hana dangi wanke ta da hannu, suna kuka suna zaginta. Hannayenta sun yi fari sun tsattsage saboda kulorin. Fom ɗin Mista Kumai yana cikin jakarta a leda, rijiya shida.

Ranar Talata ta satin ƙarshe ta shigo gari a bayan babur, taɓo har gwiwa. Ta zauna a teburina ta rubuta wasiƙa da kyakkyawan hannunta, tana roƙon sati biyu, ta faɗi dalili, ta faɗi rijiyoyin da ta riga ta yi. Malam Arzika ya rubuta tasa, ya buga hatimi, ya ce, "In suna son ƙarin bayani su zo su same ni." Da yake ofishin kwas ba ya buɗewa sai Asabar, ta ce in raka ta kemis ɗin Mista Kumai, don kada kwana ukun su wuce.

Mun same shi da azahar a ɗakin bayan kanta, yana cin farfesun kayan ciki. Paulina ta yi wanka ta canja kaya kafin mu fito, amma warin Izal, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ya barin mutum da wanka ɗaya.

"Sannu, Sa," in ji ta.

Ya ɗaga kai. "Daga ina?"

Ta faɗi sunan ƙauyen. Nan take ya janye kwanonsa, ya ɗora hankici a hanci.

"Tsaya nan. Tsaya a bakin ƙofa. Mene ne?"

Ta miƙa ambulan. Bai karɓa ba. Ya nuna mata wani kwalin magani da ƙafa ya ce ta ajiye a kai. Sannan ya sa biro ya buɗe takardar, yana karantawa daga nesa, yana tauna hanji, mai yana bin gefen bakinsa.

"Madam, aiki ba dalili ba ne," in ji shi. "Kowa a ajin nan ma'aikaci ne. In na ba ki, gobe mai shara zai zo ya ce shara ya yi yawa. Ciwo, haihuwa, rasuwa, su ne muka sani."

"Sa, rasuwa kam akwai. Mutum ashirin da uku zuwa jiya."

"Danginki ne?"

Ta girgiza kai.

Ya tsotse yatsa, ya sassauta murya kamar mai yin alheri. "Ji mana. Ke ba yarinya ba ne. Shekara nawa kina yawo a garin nan? Kin san rijiyoyin unguwan nan kamar tafin hannunki. Zauna yau da yamma ki cika ashirin da huɗun. Wannan mita talatin, wancan ashirin da biyar, ki ɗan bambanta su. Wa zai bi ki da tef ɗin awo?"

"In rubuta abin da ban auna ba?"

"To in wannan ya yi miki nauyi, akwai wani hanya. Ki kawo takardan likita cewa ke ma ya kama ki. Kin fito daga wurin kwalara, wa zai musa? Ina da wanda zai rubuta miki. Da wannan sai in sa hannu yanzu-yanzu."

Na dubi Paulina. Leɓenta na ƙasa ya ɗan zazzago, irin yadda take yi in ta buɗe tukunyar da miya ta lalace. Mutumin nan shi ne ya tsaya a gabanmu wata biyu da suka wuce yana buga allo yana cewa mita talatin tsakanin rijiya da masai rai ne da mutuwa.

"Sa, lafiyata ƙalau, na gode wa Ubangiji," in ji ta. "Ba zan kira wa kaina ciwon da na ga yana kashe yara ba. Ka rubuta abin da ka ga dama a kan takardan, amma ka tura shi gaba. Ka kuma sa mini hannu a kofe na cewa na kawo yau."

Ya sa hannun da ƙyar, yana riƙe da biron daga can ƙarshensa. A gabanmu ya rubuta a gefen wasiƙar cewa bai goyi baya ba. Muna juyawa muka ji yana kiran mai shara ta zo ta goge bakin ƙofa.

Da muka fita titi Paulina ta tofar da yawu a kwata, ta sake tofarwa. Muka yi tafiya har kusa da gadar reluwe. Can ta ce, "Hellen, ke nawa kika yi?"

"Na gama," na ce.

"Talatin? Yaushe? Kullum kina rabon magani."

Da na iya ƙarya da na yi. Na gaya mata gaskiya: huɗu na auna. Sauran a kan tabarma na cika su ran Lahadi bayan sujada, ni da wasu mutum biyar na ajinmu, muna cin gyaɗa muna dariya, wannan ya ce ba ni mita talatin da biyu, wancan ya ce ni na riga na ɗauka. Sunayen masu gidajen ma wasu daga rajistar coci muka kwaso.

Tana riƙe da hannuna ne muna tafiya. Sai ta sake shi, a hankali, ta gyara ɗankwalinta kamar shi ne dalili. Ta tare babur ta koma ƙauye.

Shugaban kwas daga Kaduna yake zuwa, sau ɗaya a wata. Asabar ɗin da aka tattara ayyuka ya zo, ya ga wasiƙar, ya ga hatimin Malam Arzika, ya ga abin da Mista Kumai ya rubuta a gefe. Ba ya son ɓata wa kowa, sai ya raba abin biyu: sati ɗaya, kuma za a cire mata maki goma na latti. Ni na aika mata da saƙon ta hannun direban da ke kai musu magani.

Sati ɗayan nan kuwa cutar ba ta lafa ba. Da ƙyar Malam Arzika ya samo wanda zai riƙe mata kwana biyu, Alhamis da Juma'a. Anthony a lokacin yana gida, don aikin reluwe ya yi sanyi, sai ya zama mai riƙe mata bakin tef. Aka ga su a unguwa cikin yayyafi, shi da lema a hammata, ita da fom a cikin leda, suna shiga gida suna fita. Rijiya goma sha uku ranar farko, goma sha ɗaya rana ta biyu. Anthony ya ba ni labari daga baya cewa a wasu gidajen ba ya iya shiga bayan gida sai ya toshe hanci, ita kuwa ta durƙusa ta leƙa ramin ta faɗi saura ƙafa nawa ya cika.

Rijiya ta goma sha tara tana wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu. Madam Oby, wata mai sayar da gari a kasuwa, ita ce ta fi kowa daɗewa a gidan, ita ta zagaya da su. Tsohon masai yana can ƙarshen fili. Amma da 'yan haya suka ƙaru, mai gidan ya haƙa sabo a inda ya samu wuri, wato a bayan rijiya. Suka ja tef: mita bakwai. Masan kuma yana ta tudu, rijiyar tana ta gangare. Ba murfi, dakalin ya fashe, kowa da gugarsa, wasu a ƙasa ake yar da su kaji suna bi ta kai. Paulina ta sa aka jawo ruwa ta sunsuna, ta kawar da fuska.

"Mun yi magana mun gaji," in ji Madam Oby. "Ya ce wanda bai so ya kwashe kayanshi. Yarana biyu sun yi zawo watan jiya."

"Wane ne mai gidan?"

"Ai kin san shi. Oga Kumai mai kemis."

Anthony ya naɗe tef ɗinsa ya ja matarsa gefe. "Maman Luke, tsallake wannan gidan. Rijiya ba ta ƙare a unguwan nan ba. Ko ki rubuta sunan Madam Oby kawai."

"Fom ya ce sunan mai gida."

"Shi zai ba ki maki fa."

"Na sani."

Ta rubuta sunan cikakke, da mita bakwai, da duk abin da ta gani. Kuma da yake duba-gari ce kafin ta zama ɗaliba, da ta koma ofis ta cika takardar gargaɗi ta kwana goma sha huɗu, ta kai wa Malam Arzika ya sa hannu. Ran Asabar ta miƙa aikinta shafi goma sha takwas. Cikin rijiyoyinta talatin, biyar ne kacal suka cika sharaɗi.

A watan Satumba aka dawo mana da takardu. Ni na samu talatin da uku. Waɗanda muka ci gyaɗa tare ba wanda ya sauka ƙasa da talatin. Paulina an ba ta ashirin da biyu, aka cire goma, saura goma sha biyu. A saman shafin farko ya rubuta da jan biro cewa aikin ba tsabta. Ta miƙo mini takardun a ƙarƙashin benci. Ruwan sama ya taɓa gefensu ranar da ta kawo, shafukan sun manne da juna, kuma har lokacin a manne suke. Wuri ɗaya kawai aka ɓamɓare, inda lamba goma sha tara take, akwai shatin yatsa mai maiƙo a kai.

Ta kai ƙara wurin shugaban kwas. Ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma an riga an aika da maki. Ta zauna ta yi karatun jarrabawa kamar za ta haɗiye littafin, ta haye da ƙyar, da mafi ƙarancin sakamakon da ake ba mutum satifiket da shi. Masan gidan hayar kuwa sai da aka aika gargaɗi na biyu, aka ambaci kotu, sannan aka cike shi da ƙasa.

Da lokacin ƙarin girma ya zo, sakamako aka duba. A 1994 ni aka ba kujerar kula da sashen tsabtar ruwa, Paulina tana ƙarƙashina. Ta zo ta yi mini barka, ta kawo wa yarana rake.

A shekarar ne wata ƙungiyar agaji ta zo da shirin gyara rijiyoyi da haƙa burtsatse a garuruwa huɗu na yankinmu, za a zaɓa bisa buƙata. Suka turo mana rahoton da za su dogara da shi, mai bango shuɗi, an buga shi da keken rubutu. Sunan Mista Kumai ne a gaba, a matsayin mai bincike. Ya tattara ayyukan ajinmu ne ya haɗa, rijiya kusan dubu, ya fitar da cewa takwas cikin kowace goma a garin suna da kyakkyawan nisa daga masai. Na buɗe jadawalin baya na ga unguwata, na ga lambobina, mita talatin da biyu, ashirin da tara, talatin da biyar, da sunan wani dattijon cocinmu wanda bai taɓa mallakar rijiya ba. Unguwar Paulina babu ita. An rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa an bar aiki ɗaya don ya zo a makare.

Na kira ta na rufe ƙofa na tura mata rahoton. Ta karanta a tsaye, shafi bayan shafi, ba ta yi sauri ba.

"Me za mu yi?" na tambaye ta.

"Ke ce oga," in ji ta. "Ke kika san inda lambobin suka fito."

Na kwana biyu ina juya abin. In na faɗi gaskiya, satifiket ɗina da na mutum da yawa zai shiga magana. A ƙarshe na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa mai laushi, cewa sashenmu yana ganin alƙaluman suna buƙatar a sake dubawa, na haɗa da kofen aikin Paulina. Ban ce ƙarya ne ba, ban kuma ce da hannuna a ciki ba. Suka amsa da godiya, suka ce rijiya talatin ba za su rinjayi dubu ba. Garinmu bai shiga cikin huɗun ba.

Wata uku bayan haka Paulina ta nemi a mayar da ita ƙauyen bayan kogi, inda aka buɗe ƙaramin asibiti. Ni na sa hannu a takardar. Can take har yanzu, ita da Anthony, wanda ya bar reluwe ya kama noman citta. Ta sa mutanen ƙauyen sun yi wa rijiyoyinsu dakali da murfi, ɗaya bayan ɗaya, da yashin kogi da simintin da coci da masallaci suka haɗa. Mista Kumai ya buɗe kemis na biyu a Zonkwa.

Takan shigo gari ƙarshen wata ta kawo rahoto. Ta tsaya a gaban teburina, ta ce, "Sannu, Ma," ta ajiye fayil, ta jira in sa hannu. Na sha ce mata ta daina kirana Ma, mu da muka yi shekaru muna kiran juna da suna. Sai ta ce to, wata mai zuwa kuma ta sake.